Yadda Ake Karɓar Aiki Ɗaya a Mayar da Ɗayan Cikin Mutunci: Wasiƙu Biyu da Tsarin Aika Su

Idan wurare biyu suka ce sun ɗauke ka aiki a lokaci guda, wasiƙa biyu ce a gabanka, ta karɓa da ta mayarwa. Na daɗe ina aiki a sashen ɗaukar ma'aikata, na karanta irin waɗannan wasiƙu da yawa, na kuma zauna da ƙanne da abokai mun rubuta nasu. Abin da na lura shi ne ba a wajen zaɓen kalmomi aka fi yin ɓarna ba, a wajen jerin aikawa ake yin ta. Wanda ya fara aika ta mayarwa kafin ɗaya aikin ya tabbata a hannunsa, shi ne yake iya wayar gari ba tsuntsu ba tarko. Don haka zan bi da kai a jere, kuma zan riƙa kawo labarin wata ƙanwata, ma'aikaciyar lissafin kuɗi, wadda muka yi wannan aikin tare da ita cikin kwana huɗu.

Abubuwan da za ka tanada

Takardun tayin aikin guda biyu, a rubuce. Ko wasiƙa ce mai sa hannu ko saƙon imel ne daga adireshin kamfanin, duk ɗaya, amma su kasance a gabanka lokacin da kake rubutu.

Cikakken sunan wanda ya sa hannu a kowace takarda da muƙaminsa, yadda shi ya rubuta su. Ka nemo kuma sunan wanda zai zama shugabanka kai tsaye, domin sau da yawa ba shi ne mai sa hannun ba.

Ranar ƙarshe ta ba da amsa a kowane wuri. Rubuta su biyun a takarda ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

Takardar yarjejeniyar aikin da kake yi yanzu, idan kana da aiki. A cikinta za ka ga tsawon sanarwar da za ka bayar kafin ka bari, kuma ita ce za ta nuna maka ranar da za ka iya fara sabon aiki.

Adireshin imel naka na kanka, mai ɗauke da sunanka. Kada ka yi amfani da na ofishin da kake ciki yanzu, don ba mallakarka ba ne kuma wasu suna iya ganin abin da ke ciki.

Game da harshe: ka amsa da harshen da aka rubuto maka. Misalan da zan kawo da Hausa suke, amma ƙashin bayansu bai canzawa ko da wane harshe ka rubuta.

Mataki na 1: Ka tabbatar tayin biyu ne a hannunka, ba ɗaya da alkawari ba

Ga yadda lamarin ƙanwata ya kasance. Wani babban kamfanin rarraba kaya ya aiko mata da takarda ranar Alhamis, aka ba ta zuwa Laraba mai zuwa ta amsa. Ranar Litinin da safe sai manajan wata ƙaramar masana'anta, inda zuciyarta ta fi kwantawa, ya kira ta a waya ya ce sun zaɓe ta, takarda na nan tafe. A daren nan ta zauna za ta rubuta wa babban kamfanin cewa ta gode. Na ce ta dakata tukuna.

Maganar waya niyya ce. Mai maganar yana iya faɗa da zuciya ɗaya, amma a samansa akwai wanda zai amince da albashin, akwai kuma wanda zai sa hannu, kuma na sha ganin inda aka dakatar da ɗaukar ma'aikaci a tsakanin kiran waya da fitowar takarda. Abin da za ka yi shi ne ka yi godiya a wayar, ka nuna farin cikinka, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, yaushe zan sa ran takardar? Akwai wani wuri da suke jiran amsata ranar Laraba, kuma ku na fi so." Wannan ba rashin kunya ba ne. Ka ba shi hujjar da zai je ya hanzarta mutanensa da ita. Ita takardarta ta iso washegari Talata.

Da takarda ta zo, ka karanta ta a zaune, kana neman abu huɗu: sunan muƙamin, albashin, ranar farawa, da sharuɗɗa. A albashi ka duba ko adadin na wata ne ko na shekara, kuma ko kafin a cire haraji da sauran abubuwan da ake yanka ne ko bayan an cire. A sharuɗɗa ka nemi duk jimlar da take cewa tayin ya dogara da wani abu: shaidar tsohon shugabanka, tantance takardun karatu, gwajin lafiya. Tayi mai sharaɗi bai gama zama naka ba sai an cika sharaɗin. Ka duba kuma ko akwai lokacin gwaji da tsawonsa.

A takardar ƙanwata mun tarar da abu biyu. Tayin ya dogara da shaidar wani shugabanta na da, kuma an sa mata ranar farawa bayan mako biyu alhali wurin da take aiki sanarwar wata ɗaya suke buƙata. Da ta sa hannu a haka, da ta ɗauki alkawarin da ba za ta iya cikawa ba tun ranar farko.

Duk gyaran da kake so, na albashi ne ko na rana, yanzu ake nemansa, kafin wasiƙar karɓa. Wasiƙar karɓa ba wurin ciniki ba ce. Wanda ya rubuta "na karɓa, amma ina so a ƙara kaza" bai karɓa ba, ya buɗe sabuwar magana ne, kuma ya bar mai karatu cikin ruɗani. Ita ta kira manajan a ranar, suka daidaita a kan sabuwar rana, ya ce ta rubuta ta a cikin amsarta.

Mataki na 2: Idan ranakun sun matse, ka nemi ƙarin lokaci

Wa'adin babban kamfanin Laraba ne, ita kuwa shaidar tsohon shugaban ba za ta isa masana'antar ba sai Alhamis. A irin wannan hali akwai hanya mai tsabta da hanya mai datti. Mai dattin ita ce ka karɓi na farko don ka riƙe shi, da niyyar watsar da shi idan na biyu ya tabbata. Ban taɓa ba wa kowa wannan shawarar ba. Da zarar ka karɓa, su za su sallami sauran masu nema, su fara shirya maka wurin zama, wanda ya zo na biyu kuma wataƙila ya kama wani aikin. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mai tsabtar ita ce ka roƙi kwana kaɗan, ka ambaci ranar da bakinka. Ga abin da ta aika ranar Talata da yamma:

> Ranki ya daɗe,
>
> Na gode ƙwarai da tayin aikin jami'ar lissafin kuɗi da kuka yi mini. Ina so in ba ku amsar da ba zan dawo in canza ba, saboda haka ina roƙon a ƙara mini lokaci daga Laraba zuwa Juma'a da ƙarfe 12 na rana. Idan hakan ba zai yiwu ba, ki sanar da ni, zan amsa a ranar da kuka sa tun farko.

Kwana biyu zuwa uku ake roƙa, sau ɗaya kuma. Jimlar ƙarshen nan tana da amfani, domin tana nuna roƙo kake yi, ba ka ɗauki ƙarin da kanka ba. Idan aka ƙi, ko kuma sharaɗin ɗaya wurin zai ɗauki makonni, to ba daidai ba ne ka ajiye mutane suna jira har tsawon haka. Sai ka tambayi wurin da kake so ainihin abin da ya rage, ka auna ko akwai abin da zai iya kayar da kai a ciki, ka yanke shawara idonka a buɗe.

Mataki na 3: Rubuta wasiƙar karɓa, ita ce ta farkon fita

Wannan wasiƙa aiki biyu take yi. Tana gaya musu ka karɓa, tana kuma zama shaidar abin da kuka amince a kai. Shi ya sa take buƙatar fara'a da kuma lambobi, duka biyun.

A layin batu ka sa abin da za a gane ko ba a buɗe ba: karɓar tayin aiki, sunan muƙamin, sunanka. Idan tayin ta imel ya zo, ka amsa a ƙarƙashin wannan saƙon, don komai ya zauna wuri ɗaya. Ga tata:

> Ranka ya daɗe,
>
> Bayan gaisuwa, ina farin cikin sanar da kai cewa na karɓi aikin jami'ar lissafin kuɗi da kuka ba ni a takardarku ta ranar [kwanan watan takardar].
>
> Kamar yadda muka yi magana a waya jiya, zan fara aiki ranar Litinin, [kwanan wata], maimakon ranar da ke cikin takardar, domin in cika sanarwar wata ɗaya a inda nake yanzu. Na amince da albashin [adadi] a wata kafin cire haraji, da lokacin gwaji na wata uku, kamar yadda aka rubuta. Na haɗo da takardar da na sa wa hannu.
>
> Tun ranar da ka zagaya da ni ka nuna mini yadda kuke son gyara lissafin kayan sito, nake ta tunanin inda zan fara. Na ji daɗi ƙwarai da aka ba ni wannan dama, kuma ina ɗokin haɗuwa da sauran abokan aiki.
>
> Ina roƙon ka tabbatar mini da samun wannan saƙo da amincewa da sabuwar ranar, ka kuma sanar da ni idan shaidar da kuke jira ta iso. Idan akwai takardun da zan kawo ranar farko, zan so in sani tun yanzu.
>
> Na gode.
> [cikakken suna da lambar waya]

Ka lura kalmar "na karɓi" tana cikin jimlar farko. Mai karantawa yana da saƙonni da yawa a gabansa, kada ka sa ya yi ta laluben amsar a sakin layi na uku.

Sakin layi na biyu shi mutane suka fi tsallakewa, suna jin nauyin ambaton kuɗi bayan an yi musu alheri. Ka ambace shi. Idan akwai saɓani tsakanin abin da ka fahimta da abin da suka nufa, gara ya fito yau da ya fito ranar albashin farko. Haka duk abin da aka yi maka alkawarinsa da baki, kamar sabuwar ranar farawa ko wasu kwanakin aiki daga gida, a nan yake shiga rubuce.

Ita kuwa fara'a ba a yawan kalmomin godiya take ba. "Ina matuƙar godiya marar iyaka" kowa yana iya rubutawa, ga kowane kamfani. Abin da ke taɓa zuciyar mai karatu shi ne ka tuno masa wani abu guda da ya faru tsakaninku, kamar zancen siton nan, wanda ke nuna ka saurara ranar ganawa. Abu ɗaya ya isa. Ka guji kuma ƙasƙantar da kai, irin su "duk da ban cancanta ba". Sun tantance mutane sun zaɓe ka, kada ka sa su shakkar zaɓinsu.

Kada ka ambaci ɗaya tayin a wannan wasiƙa. Ko sun san da shi, maganarsa ta wuce.

Takardar da ka sa wa hannu ka mayar da ita PDF, ka sa wa fayil ɗin sunanka. Idan ba ka da na'urar ɗaukar hoton takarda, waya ta isa: shimfiɗa takardar a inda haske yake, ka ɗauka daga sama tsaye, kowane shafi ya fito da gefunansa huɗu. Idan kuwa wasiƙar hannu suka nema, ka kai kwafi biyu, a sa maka hannu da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi.

Mataki na 4: Jira amsarsu

Wannan matakin ba rubutu a cikinsa, amma shi ne ginshiƙin duka. Kana jiran saƙo a rubuce da ke cewa sun samu, sun amince da ranar, sharuɗɗa sun cika. Idan kwana ɗaya na aiki ya wuce shiru, ka kira. Ƙanwata ta aika Laraba da safe, ta kuma kira tsohon shugabanta ta tuna masa ana jiran shaidarsa. Alhamis da hantsi tabbaci ya zo.

Takardar barin aikinka na yanzu ma sai bayan wannan tabbacin ake miƙa ta.

Mataki na 5: Ka kira kafin ka rubuta ta mayarwa

Da tabbaci ya iso, kada ka kwana ba ka sanar da ɗaya wurin ba. An ba ka zuwa Juma'a, amma idan ka san amsarka ranar Alhamis, ranar Alhamis za ka faɗa. Akwai mutum a bayanka a jerin sunaye da yake jiran waya, kuma kowace rana da ka riƙe, daga hannunsa da hannun kamfanin ka ɗauke ta.

Idan kun yi ganawa ido da ido da wanda zai zama shugabanka, ko wani ya tsaya maka a ciki, to ya cancanci ya ji daga bakinka. Kiran bai wuce minti biyu ba. Ka gaisa, ka ce ka kira ne game da tayin, ka yi godiya, ka ce ka yanke shawarar karɓar wani aikin, za ka aiko da wasiƙa yanzu. Ka rubuta jimlolin nan a takarda a gabanka, domin a waya ne mutum yake jin nauyi ya fara cewa "bari dai in ƙara tunani" alhali ya gama tunanin. Idan ba a ɗauka ba, kada ka bar maganar a saƙon tes. Ka aika wasiƙar, ka ƙara layi ɗaya cewa ka kira ba ka same shi ba.

Idan ta hannun dillalin ɗaukar ma'aikata aikin ya zo, shi za ka fara kira, domin shi zai fuskanci kamfanin, kuma bai kamata ya ji labarin daga wajensu ba.

Mataki na 6: Rubuta wasiƙar mayarwa

Ga wadda ta aika wa babban kamfanin ranar Alhamis da la'asar:

> Ranki ya daɗe,
>
> Na gode da tayin aikin jami'ar lissafin kuɗi da kuka yi mini, da kuma ƙarin lokacin da kuka ba ni in yi nazari. Kamar yadda na faɗa miki a waya ɗazu, bayan dogon tunani na yanke shawarar ba zan karɓi aikin ba. Na karɓi wani aikin da ya fi kusa da ɓangaren da nake so in ƙware a kai.
>
> Shawarar ba ta zo mini da sauƙi ba. Na ji daɗin yadda kika ba ni lokaci ranar ganawa ta biyu kika bayyana mini tsarin sashenku dalla-dalla, kuma na ƙaru da hirar. Ina roƙon ki miƙa godiyata ga sauran waɗanda suka gana da ni.
>
> Ina yi muku fatan samun wanda ya dace da wurin, ina kuma fatan wata rana aiki zai sake haɗa mu.
>
> Na gode.
> [cikakken suna]

Gajeruwa ce, kuma haka ya kamata ta zama. Bari in tsaya a kan sassanta, don kowace jimla da dalilinta.

Godiya ce farko, amma ba ta wuce jimla ɗaya ba kafin amsar ta fito. "Ba zan karɓi aikin ba" magana ce da ba ta da fuska biyu. Kunya takan sa mutum ya rubuta "da wuya in samu damar zuwa a yanzu" ko "ina ganin kamar ba zai yiwu ba". Ni da nake zaune a ɗaya ɓangaren teburin, idan na karanta haka ban san ko in kira na biyu a jeri ba ko in jira. Sai in sake rubuto maka, kai kuma ka sake jin nauyi, a ɓata kwana biyu. Ladabi na gaskiya a nan shi ne ka sallame su sarai, su san inda suka tsaya.

Sai dalili. Guda ɗaya, gajere, na gaskiya, kuma wanda yake magana a kanka, ba a kan aibinsu ba. "Ya fi kusa da ɓangaren da nake so in ƙware a kai" ba ya zargin kowa, ba ya kuma ba da ƙofar jayayya. Kwatanta shi da "albashinku ya yi kaɗan". Wannan gayyatar ciniki ce: za su iya ƙarawa, sai ka rasa abin cewa, tunda ka riga ka ba da kalmarka a wani wuri. Idan kuwa ainihin dalilinka shi ne ba ka ji daɗin yadda wani ya yi maka magana a ganawa ba, ko ka ji labarin da bai kwanta maka ba game da wurin, to ka bar shi a cikinka, ka ce kawai ka karɓi wani aikin. Wasiƙa tana shiga fayil, kuma ba ka san idon da zai karanta ta bayan shekara uku ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta.

Kada ka ƙirƙiri dalili. Na taɓa karɓar wasiƙar wani da ya ce zai koma karatu ne shi ya sa ba zai zo ba, bayan 'yan makonni muka haɗu a wani taron sana'a yana wakiltar wani kamfani. Da ya ce ya samu wani aikin, ba wanda zai riƙe shi a zuci, domin abu ne da muke gani kullum. Ƙaryar ce ta zauna mini a rai. Mutanen sana'a ɗaya suna yawan sake haɗuwa, wanda ka mayar wa tayi yau yana iya zama mai tantance ka a wani wuri gobe.

Sunan inda za ka da adadin da za su biya ka ba su da wuri a wannan wasiƙa. Ba ɓoye-ɓoye ba ne, kawai ba hurumin wasiƙar ba ne, kuma ambatonsu yana kama da gori ko ba ka nufa ba.

Sakin layi na biyu shi ne yake bambanta wasiƙar mutum da takardar da aka kwafo. A nan ma abu ɗaya takamaimai ake so, wanda ya faru da gaske. Idan shawarar ba ta yi maka wuya ba, kada ka ce ta yi, ka tsaya a godiyar lokacin da suka ba ka. Ban haƙuri kuma, idan za ka yi, sau ɗaya ya isa. Ba laifi ka aikata ba. Tayi suka yi, kuma tayi ana karɓa ana mayarwa. Wasiƙar da ta cika da "ku yafe mini" tana sa mai karatu ya ji dole sai ya rarrashe ka, ka ɗora masa wani aikin a kan wanda ka riga ka bar masa.

Jimlar barin ƙofa a buɗe, ka sa ta idan har da gaske za ka so yin aiki da su nan gaba. Idan ka san ba za ka taɓa komawa ba, fatan alheri ya wadatar. Idan kuma ka san wani da ya dace da wurin, kana iya cewa za ka haɗa su in suna so, amma sai ka fara tambayar shi mutumin kafin ka ba da sunansa.

Mataki na 7: Duba kafin ka aika

Hatsarin rubuta wasiƙu biyu masu kama da juna a mako ɗaya shi ne su cakuɗe. Na ga wasiƙar mayarwa da ta iso mana ɗauke da sunan wani kamfanin a tsakiyarta, saboda an kwafo sakin layi daga ɗaya wasiƙar. Maganinsa mai sauƙi ne: ka rubuta kowacce daga farko, a zama daban, kuma ka bar gurbin adireshi fanko sai ka gama karantawa. Idan amsa kake yi a ƙarƙashin saƙonsu, ka rubuta a wani wuri tukuna, sannan ka ɗauko ka liƙa.

Ka karanta da murya sau ɗaya. Ka gwada sunan mutumin da na kamfanin harafi da harafi da yadda suke a takardarsu. Ka duba waɗanda ke layin Cc: idan jami'in ma'aikata da manajan duka suna cikin saƙon tayin, Reply All ya dace don su ji a lokaci ɗaya, amma ka ga sunayen da idonka kafin ka danna. A wasiƙar karɓa ka buɗe fayil ɗin da ka haɗa ka tabbatar shi ne mai sa hannun. Ka aika a lokacin aiki, sannan ka leƙa Sent ka ga ya fita, ka kuma ajiye kwafin wasiƙun biyu da amsoshinsu.

Mataki na 8: Abin da zai iya biyo baya

Yawanci amsa gajeruwa ce ta fatan alheri, ba sai ka sake amsawa ba. Wani lokaci shiru za ka ji. Idan ka riga ka yi magana da su a waya, shirun ba komai ba ne. Idan ba ku yi waya ba, ka kira washegari ka tabbatar saƙon ya isa, kada su zauna suna jiranka.

Wanda ke buƙatar shiri shi ne idan suka dawo da ƙari. Haka aka yi wa ƙanwata: Juma'a da safe jami'ar babban kamfanin ta kira ta ce an amince a ƙara albashin idan za ta sake tunani. Adadin ya fi na masana'antar, kuma na ga yadda abin ya girgiza ta. Na tambaye ta abu ɗaya, ko kuɗi ne ya sa ta zaɓi masana'antar tun farko. Ta ce a'a, aikin ne. To ƙarin bai taɓa dalilinta ba, ga shi kuma ta sa hannu a wani wuri, alkawari kuwa kaya ne. Bayan maganar mutunci ma, takardar da ka sa wa hannu tana iya ɗora maka wajibai, kamar ba da sanarwa, gwargwadon abin da aka rubuta a ciki da dokar ƙasar da kake, don haka janyewa bayan sa hannu ba abu ne da ake yi da saƙo ɗaya ba. Amsar da ta rubuta layi uku ce:

> Ranki ya daɗe, na gode ƙwarai da wannan karamci, ya nuna mini darajar da kuka ba ni. Sai dai na riga na ba da kalmata a wani wuri, kuma zan tsaya a kanta. Ina sake yi muku fatan alheri.

Idan suka tambayi ina za ka, kana da zaɓi. Kana iya faɗa in ka ga dama, kana kuma iya cewa, "Zan fi so in bari sai na fara tukuna." Idan suka nemi jin abin da za su gyara a tsarin ɗaukarsu, ka faɗi abu ɗaya mai amfani a waya, cikin taushi, kamar tsawon lokacin da aka ɗauka tsakanin ganawa da fitowar takarda.

Saura hali ɗaya: idan ka riga ka ce "na karɓa" da baki a wurin da yanzu kake so ka mayar. A nan wasiƙar da ke sama ba ta isa ba, domin ba tayi kake mayarwa ba, magana kake janyewa. Ka fara karanta duk abin da ka sa wa hannu, idan akwai. Sannan ka kira a ranar, ba dillali ba saƙo, ka faɗa da bakinka cewa ka amsa a baya kuma yanzu kana janyewa. A wasiƙar da za ta biyo baya ka rubuta hakan ƙarara, ka ba da haƙuri sau ɗaya a kan wahalar da ka jawo musu, ka mayar da duk abin da suka riga suka ba ka, katin shiga ne ko kwamfuta ko kuɗin tafiya, ka kuma nemi su tabbatar maka a rubuce cewa sun karɓa.